Yadda ake gane alamun burmawar ƙasa a kan dutsen farar ƙasa, da yadda ake neman ɓoyayyen kogo kafin a yi gini

Dutsen farar ƙasa, wato wanda ake ƙonawa a yi siminti a wurare irin su Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe, Obajana a Kogi da Malbaza a Nijar, dutse ne mai ƙarfin ɗaukar gini, amma ruwa yana cin sa. Ruwan sama yakan ɗebi iskar kabon daga sararin sama da kuma cikin ƙasa, ya yi ɗan tsami, sa'annan ya bi tsagogin dutsen yana faɗaɗa su har su zama hanyoyi da kogo. Wannan ci yana tafiya ne a hankali ƙwarai, 'yan milimitoci a cikin shekara ɗari, don haka duk kogon da zai dami mai gini a yau ya riga ya samu tun kafin a haifi kakanninsa. Abin da ke sauyawa cikin sauri, wani lokaci a damina guda, shi ne ƙasar da ke lulluɓe da dutsen.

Mutane da yawa suna zaton rufin kogon dutse ne ke karyewa gida ya faɗa ciki. Hakan yana faruwa, amma ba kasafai ba. A mafi yawan lokuta ruwa ne ke sauka ta cikin ƙasa yana ɗibar ta kaɗan-kaɗan yana zubawa cikin wata tsaga a jikin dutsen, kamar yadda gero ke zirarewa daga buhun da ɓera ya huda ta ƙasa. Idan ƙasar mai yashi ce, saman wurin yakan lotsa sannu a hankali ya yi kwari. Idan kuwa mai yumɓu ce, tana iya riƙe kanta, sai wani fanko ya samu a saman dutsen, rufinsa yana zubowa yana hawowa sama, alhali a fili ba a ganin komai, har ranar da ɓawon da ya rage ya kasa ɗaukar nauyin kansa ya rufta lokaci guda. Saboda haka mai bincike yana neman abu uku ne: kogo a cikin dutse, fanko ko ƙasa mai laushi a saman dutse, da kuma hanyar da ruwa ke bi ya shiga.

Abin da ke tayar da burmawar kusan kullum ruwa ne, ko dai ƙaruwarsa daga sama ko raguwarsa daga ƙasa. A watan Janairun 2010, manoma a yankin Plant City na jihar Florida a Amurka sun kwana goma sha ɗaya suna jan ruwan rijiyoyin burtsatse don fesa wa shukarsu saboda kada tsananin sanyi ya kashe ta. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sauka da kimanin mita 18 a wasu wurare, kuma aka samu rahoton ramuka kusan 140 a yankin. A Afirka ta Kudu, inda masu haƙar zinariya suka riƙa zuƙe ruwa daga dutsen dolomait, wanda ɗan'uwan dutsen farar ƙasa ne, ƙasa ta haɗiye injin niƙa dutse na mahaƙar West Driefontein a watan Disambar 1962 tare da mutum 29. Ruwan da ke cike da kogo yana tallafar ƙasar da ke samansa, kuma idan aka janye shi tallafin ya tafi, ruwan da ke saukowa daga sama kuma ya sami sarari.

Mataki na farko: a tabbatar da irin dutsen da tarihin wurin

Kafin a kawo ko da na'ura ɗaya, a nemi taswirar duwatsun yankin daga hukumar binciken ƙasa da ma'adinai, a ga ko filin yana kan dutsen farar ƙasa, dolomait ko jifsam, wato farin dutsen da ake yin filasta da shi, ko da kuwa wata ƙasa ta lulluɓe shi da kaurin mita 20 ko 30. Jifsam ya fi gaggawar narkewa nesa ba kusa ba, don haka idan shi ne a ƙasa, kogo yana iya faɗaɗa a cikin rayuwar ginin. Idan akwai ɓallin dutse daga rijiya ko ramin haƙa na kusa, a ɗiga masa ruwan asid mai rauni: dutsen farar ƙasa zai yi kumfa nan take, dolomait kuma sai an daka shi ya zama gari.

Daga nan a duba tsofaffin hotunan sama na wurin, a kwatanta na shekarun baya da na yanzu, ana neman kwari mai siffar da'ira, ɗan tafkin da ya ɓace, ko wurin da aka cike. Sa'annan a zauna da waɗanda suka san ƙasar. Masu haƙa rijiya da masu burtsatse su ne suka fi kowa amfani a nan, domin su ne za su ce a unguwa kaza ruwan haƙa ya ɓace gaba ɗaya, ko sandar haƙa ta sulale ba tare da turjiya ba, ko kuma an sami dutse a gaba huɗu a wannan gida amma a gidan da ke manne da shi an yi gaba goma ba a taɓa shi ba. Manomin da ya noma filin zai iya nuna wurin da ruwa ke taruwa ya nutse da sauri, ko inda yake cike rami kowace shekara ramin yana dawowa. A ganina wannan zama na yini guda ya fi wasu gwaje-gwaje masu tsada amfani, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Mataki na biyu: a taka filin da ƙafa ana karanta alamu

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ruwan sama mai ƙarfi, ko da sassafe sa'ad da hasken rana ke zuwa a kwance yana fito da ƙaramar lotsawa. A fili mara gini, a nemi kwari wanda ruwa ke shiga amma ba shi da mafita, da tsaga a ƙasa mai lanƙwasa wadda idan an bi ta sai a ga tana zagayawa za ta haɗe da'ira, da ƙaramin rami mai baki tsaye wanda ruwa ke shiga da sauti. A lura da bishiya ko turken shinge da ya karkata, musamman idan da dama sun karkata suna fuskantar wuri guda, da saiwar bishiya da ta bayyana saboda ƙasa ta sauka, da ciyawar da ta bushe a da'ira alhali ta gefenta tana kore, domin hakan yana nufin danshi yana zurarewa ƙasa ta wurin.

Inda akwai gine-gine, alamun sun fi fitowa fili. Tsaga mai bin layin bulo kamar matakala, wadda ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, tana nuna wani ɓangare na harsashi ya sauka ya bar ɗan'uwansa. Ƙofa ko taga da ta fara cijewa ba tare da damina ta kumbura katakon ba, daɓen da ya rabu da bango, daɓen da ke amsa kuwwa idan an buga shi da ƙarfe, da ƙasar da ta janye daga jikin harsashi, duk abin lura ne. Haka kuma ruwan rijiya ko burtsatse da ya yi laka kwatsam bayan ya daɗe garau, da tankin ƙasa ko sokawe da ba ya cika ko kaɗan duk yawan ruwan da ake zuba masa.

Sai dai dole a yi hattara, domin ba kowace tsaga ce ke nufin kogo ba. Baƙar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani tana tsaga bango, amma tsagarta takan buɗe ta rufe da sauyin yanayi, kuma takan shafi gidaje da yawa iri ɗaya. Tsohuwar rijiya, tsohuwar shadda ko kududdufin da aka cike da shara su ma suna lotsawa a da'ira, kuma a tsofaffin garuruwanmu su ne abin da ya kamata a fara zargi. Hanyar rarrabewa ita ce a auna. A manna ɗan siminti ko a ja layi biyu a gefen tsagar, a rubuta kwanan wata, a riƙa aunawa kowane mako, kuma safiyo ya kafa alamomin tsayi a jikin gini yana ɗaure su da wani wuri tabbatacce a nesa. Tsagar da ke ci gaba da buɗewa ta fuska guda ba ta komawa ita ce abin tsoro. Idan kuwa ana ganin ƙaruwarta daga yau zuwa gobe, ko ana jin ƙarar tsagewa, ko rami ya buɗe a cikin gida ko kusa da bango, to a fitar da mutane nan take, a kashe famfon ruwa, a killace wurin da tazara mai kyau, domin bakin rami yakan ci gaba da zubewa. A watan Fabrairun 2013, a garin Seffner na Florida, ƙasa ta buɗe a ƙarƙashin ɗakin kwana ta tafi da mutumin da ke ciki, alhali daga waje gidan yana tsaye.

Dalilin da ya sa haƙa ramukan gwaji kaɗai ba ya wadatarwa

A binciken ƙasa na yau da kullum, akan huda rami uku zuwa biyar a fili, a ɗauka cewa abin da ke tsakaninsu ya yi kama da abin da aka gani a cikinsu. A kan dutsen farar ƙasa wannan zato ba ya tsayawa, kuma lissafi mai sauƙi yana nuna dalili. A ɗauki fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wato murabba'in mita 900, a ce akwai kogo guda mai faɗin mita 2 a wani wuri a ƙarƙashinsa. Idan aka dube shi daga sama, kogon ya mamaye murabba'in mita 3 da ɗan kai ne kawai. Ramin gwaji ɗaya da aka huda bisa sa'a yana da damar faɗa masa kusan ɗaya cikin 290, ramuka biyar kuma ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ko da an jera ramuka a tazarar mita 5 a ko'ina, damar ba ta wuce kashi 13 cikin ɗari ba. Saboda haka rahoton da ya ce an huda biyar ba a ga kogo ba bai tabbatar da komai game da kogo ba. Dole a fara da abin da zai leƙa filin gaba ɗaya, sa'annan a huda inda ya nuna.

Mataki na uku: a leƙa ƙasa da na'urori daga sama

Hanyar da ta fi samuwa a wajenmu ita ce awon turjiyar ƙasa ga lantarki, wadda masu neman ruwan burtsatse suka saba da ita. Amma awon da suke yi a wuri guda don sanin zurfin ruwa bai isa ba. Ana bukatar a jera ƙusoshin ƙarfe da yawa a layi, na'ura tana aika lantarki tsakaninsu bi da bi har a sami hoton ƙasa kamar an yanka ta a tsaye. Zurfin da hoton ke kaiwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na tsawon layin, kuma a tsakiya kawai yake kaiwa haka, a gefuna yana raguwa. Ƙusa 48 a tazarar mita 2 suna ba da layin mita 94, wanda zai gani zuwa kimanin mita 18, don haka a fili mai mita 30 dole layin ya wuce iyaka ta kowane gefe, kuma gara a nemi izinin maƙwabta tun da wuri. Kogo mai iska yana fitowa da turjiya mai yawa, mai cike da laka ko ruwa kuma da turjiya kaɗan. Matsalar ita ce dutse mai kyau shi ma turjiyarsa da yawa, don haka busasshen kogo a cikin busasshen dutse yana iya ɓuya, bututun ƙarfe da shingen waya kuma suna ɓata hoton.

Na'urar rada mai leƙa ƙasa tana da kyau wajen gano fanko a ƙarƙashin daɓe, kwalta ko busasshen yashi zuwa 'yan mitoci, amma jiƙaƙƙen yumɓu yana shanye siginarta, wani lokaci ba ta wuce mita ɗaya ba. Awon nauyin ƙasa kuwa, wanda ke gano ɗan raguwar ƙarfin jan ƙasa a inda dutse ya ɓace, shi ne ya fi dacewa da neman fanko kai tsaye, kuma a Afirka ta Kudu da shi ake fara binciken filayen dolomait kafin a huda. Sai dai yana da tsada, yana bukatar safiyo ya auna tsayin kowane wurin awo daidai, kuma idan zurfin kogo ya ninka biyu, alamarsa takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan iyaka ta shafi dukkan na'urorin: ƙaramin kogo mai zurfi ba ya fitowa. Shi ya sa a babban aiki ake haɗa hanya biyu, kuma duk abin da na'ura ta nuna zato ne har sai an huda an gani.

Mataki na huɗu: a huda, kuma a tsaya a kan mai hudawa

A huda a tsakiyar kowane wurin da na'ura ta nuna, a kuma huda aƙalla ɗaya ko biyu a inda ta nuna lafiya, don a san abin da launukan hoton ke nufi a wannan fili. Dole injiniya ko masanin duwatsu ya kasance a bakin ramin yana rubutawa, domin muhimman alamun ba sa shiga akwatin samfuri. Yana rubuta mintunan da kowace mita ta ci, da zurfin da ruwan haƙa ko iska ta daina dawowa sama, da inda sanda ta faɗi da kanta da tsawon faɗuwar.

A cikin ƙasa ana yin gwajin guduma kowace mita ɗaya da rabi: guduma mai kilo 63.5 tana faɗowa daga santimita 76, ana ƙirga bugun da ya tura sanda santimita 30. A ƙasa lafiyayya adadin yakan ƙaru da zurfi. Idan ya riƙa raguwa ana kusantar dutse, wannan ita ce babbar shaidar cewa ƙasa tana zubewa ciki. Idan an taɓa dutse kuma, kada a tsaya, domin yana iya zama guntun dutse a cikin laka ko siririn rufin kogo. A shiga cikinsa aƙalla mita 3 zuwa 5, fiye da haka idan ginin mai nauyi ne.

Mu koma kan filin nan mai mita 30, a matsayin misali, a ce za a gina azuzuwa masu hawa biyu. An ja layuka bakwai a tazarar mita 5, sai layi na uku da na huɗu suka nuna wani sashe mai ƙarancin turjiya mai siffar mazurari a ɓangaren gabas. Rami na farko, a inda hoton ya nuna lafiya, ya ba da bugu 12, 18 da 25, aka taɓa dutse a mita 6, aka shiga mita 5 a cikinsa ruwa yana dawowa. Rami na biyu, mita 8 kacal daga na farko, a tsakiyar mazurarin, ya ba da 14 a mita ɗaya da rabi, 16 a mita 3, sai 9, sai 4 a mita 6, a mita bakwai da rabi kuma sanda ta nutse da nauyinta ba tare da bugu ba. Ruwan haƙa ya ɓace a mita 8, aka taɓa dutse a mita 11, bayan mita ɗaya da 'yan kai a cikinsa sanda ta faɗi santimita 80.

Karatun wannan sakamako shi ne akwai maƙogwaro a jikin dutsen wanda ƙasa ke zubewa ciki, laushin ya hawo har kusan mita 4 daga sama, kuma ɓawo mai tauri na mita 3 ne kawai ke ɓoye shi. Wanda ya haƙa ramin gwaji na hannu mai mita 2 a wannan wuri zai ga jar ƙasa mai kyau ya ce a zuba harsashi. Abin yi na gaba shi ne a huda ramuka huɗu kewaye da na biyu a tazarar mita 2 zuwa 3, ana matsawa waje har sai an sami lafiyayyar ƙasa ta kowace fuska, a kuma saukar da kyamara cikin kogon idan busasshe ne don a ga faɗinsa. Faɗin yana da muhimmanci domin ana kwatanta shi da kaurin dutsen da ke samansa, kuma rufin da kaurinsa bai kai faɗin kogon ba ba a dogara da shi sai injiniya ya yi lissafi.

A bar bututun auna ruwa a rami ɗaya ko biyu, a riƙa karanta shi daga rani zuwa damina, domin idan ruwan ƙasa yana hawa da sauka daidai inda ƙasa ta haɗu da dutse, haɗarin ya fi yawa. Sauran ramukan kuwa a cike su da kunun siminti daga ƙasa zuwa sama. Ramin gwajin da aka bari a buɗe ya zama sabuwar hanyar da ruwan sama zai bi kai tsaye zuwa kogo, kuma binciken da kansa zai iya jawo abin da aka zo gudu.

Mataki na biyar: abin da rahoto zai ƙunsa da binciken lokacin gini

Rahoto mai amfani yana zuwa da taswirar da ta raba filin gida-gida bisa haɗari, da zurfin dutse a kowane rami, da bayanin girman kogon da na'urorin za su iya kasa gani. A misalinmu, mafi arhar shawara ita ce a matsar da ginin yamma, a bar gabas filin wasa mara nauyi wanda ruwa ba ya kwanciya a kai. Matsar da gini ba gazawa ba ce, domin ko tagwayen benayen Petronas a Kuala Lumpur an matsar da su kimanin mita 60 bayan bincike ya nuna rashin daidaiton dutsen farar ƙasa a wurin farko. Idan babu wurin matsawa, sai a ɗura kunun siminti mai kauri don toshe maƙogwaron da matse ƙasa mai laushi, a sake hudawa don tabbatarwa, sa'annan a yi harsashin shimfiɗa guda mai rodi wanda aka ƙera ya iya tsallake ramin da zai buɗe a ƙarƙashinsa, ko a kafa ginshiƙai har cikin dutse.

Binciken bai ƙare da rahoto ba. Idan aka buɗe ramin harsashi, injiniya ya duba gindinsa da ido, kuma inda ginshiƙi zai zauna a kan dutse, a huda ƙaramin rami a ƙarƙashin kowane ɗaya zuwa zurfin da aka ƙayyade, domin a nan ne kaɗai ake samun tabbaci a daidai inda nauyi zai sauka. Kada a bar ruwan sama ya kwana a ramin harsashi. A gama ginin da daɓe mai gangara zuwa waje kewaye da bango, a kai ruwan indararo cikin kwata mai siminti zuwa nesa, a nisanta sokawe da burtsatse daga ginin da kuma sashen da aka gano, a shimfiɗa bututun ruwa inda za a iya duba yoyonsu, kuma a ci gaba da karanta alamomin safiyo aƙalla damina biyu bayan an tare.